Takarda ga 'yan kwamitin tantance sababbin malamai, kafin zaman Asabar

Assalamu alaikum, malamaina.

Ranar Asabar da ƙarfe 9 na safe za mu zauna a ofishina na Tudun Wada don ganawa da mutum 14 da ke neman gurbi biyu, malamin lissafi da malamin Turanci. Kafin ranar ina so ku ji wani kuskure da na yi, domin har yau yana damuna.

Shekara biyu da suka wuce wani saurayi ya shigo mana, kaftani ya sha guga, hula zanna, Turanci kamar ruwa. Muna gaisawa na gano ɗan cikin birni ne, unguwarmu ɗaya, har malaminmu na allo ɗaya. Nan take jinina ya haɗu da nasa. Minti 20 muka yi, fiye da rabi hirar mutanen da muka sani ce. Bayansa wata baiwar Allah ta shigo daga Giwa, ta makara saboda ruwan sama, gefen hijabinta duk taɓo, muryarta na rawa. Tambaya uku na yi mata na sallame ta. Saurayin muka ɗauka, zango ɗaya ya yi, littattafan yara na tare a teburinsa ba dubawa. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Ita kuwa ban taɓa ganin ta riƙe alli ba, don ban ba ta dama ba.

Abu biyu suka ruɗe ni. Ganin farko ya yanke hukunci tun kafin ya zauna, sauran tambayoyina neman hujja ne kawai: in ya yi kuskure in ce tuntuɓen harshe ne, in ita ta yi in ce ba ta sani ba. Tun 1920 Edward Thorndike ya lura da haka a sojin Amurka, inda hafsan da ya ga soja da kyan tsayuwa yakan ba shi maki mai yawa har a basira da iya shugabanci.

Na biyun ya fi wuyar kamawa, domin ba ya zuwa da kamannin son kai. Zuwa yake a matsayin "ya kwanta mini a rai" ko "zai fi gane halinmu". A Zariya ƙofofinsa da yawa: ɗan birni da ɗan Sabon Gari, wanda ya yi jami'a a Samaru ko Kongo da wanda ya yi kwalejin ilimi, masallacinmu ɗaya, cocinmu ɗaya, karin harshenmu ɗaya. Suna kaɗai ma ya isa. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, sunaye kawai suke sauyawa, sai masu sunan farar fata suka fi masu sunan baƙar fata samun kira da kashi 50 cikin 100. Mu ma mutane ne irinsu.

Don haka ga yadda za mu yi. Sakatariya ta riga ta rufe suna, hoto, unguwa da ƙaramar hukuma a takardun, ta sa lamba 1 zuwa 14. Ranar Juma'a bayan la'asar za mu amince da tambayoyi biyar da irin amsar da ta cancanci maki 1, 3 ko 5. Kowa tambayoyin nan za a yi masa, a jere ɗaya, cikin minti 15. Gaisuwa a yi ta da sakin fuska, amma ban da "ɗan gidan wa ne?"

Abin da na fi ba wa nauyi shi ne allo. Kowane zai koyar da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare minti 10, ya kuma gyara aikin yaro ɗaya da muka tanada. Rabin maki a nan yake. Mai zaƙin baki da mai kunya duk alli zai bambance su.

Idan mutum ya fita, kowa ya rubuta makinsa da dalilinsa shiru, ya miƙa, kafin a ce uffan. Da aka zo tattaunawa ƙaraminmu zai fara, ni ne na ƙarshe, don na san in na riga ku kunya za ta sa ku bi ni. Duk wanda ya ce "bai yi mini ba", za mu tambaye shi abin da ya gani ko ya ji, kuma kada ya ɗauka raini ne. Ni ma ku tambaye ni.

Wanda ya san ɗaya daga cikinsu, ko aka yi masa waya a kansa, ya faɗa tun Juma'a, ya fita lokacin ganawa da shi. Ni an riga an kira ni kan mai lamba 9, don haka Malama mataimakiyata ce za ta ja zamansa. Za mu huta bayan mutum bakwai, kada gajiya da yunwa su ci haƙƙin na ƙarshe.

Allah ya kai mu Juma'a lafiya.

Naku,
Shugaban makaranta