Takardar koke zuwa ga Mai unguwar Garin Malam kan wani dillalin gidaje

Damagaram, Litinin 13 ga Oktoba 2025

Ranka ya daɗe, Baba Mai unguwa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka, ni ne Malam Isuhu, malamin lakwal da aka yi wa canjin wurin aiki daga Magarya zuwa nan Damagaram a bana. Na kawo maka kukan wani dillalin gidaje mazaunin unguwarka, wanda ke zama gindin bedi kusa da mai shayi. Sunansa da lambar wayarsa suna bayan wannan takarda, don ba na so su shiga bakin mutane kafin ka ji ta bakinsa.

Ranar Alhamis 11 ga Satumba ya kai ni wani gida mai ɗaki 2 da falo, da famfo a tsakar gida da kwantar lantarki nasa na kansa. Famfon nan shi ya ja ni, domin ka san halin ruwa a garin nan, mai iyali da ya dogara da 'yan garuwa rabin albashinsa a jarka yake ƙarewa. Muka daidaita a kan haya jika 25 a wata. Nan take ya karɓi jika 2 na nuna gida, da la'adarsa jika 25, da jika 50 na wata 2 da ya ce zai miƙa wa mai gida. Jimilla jika 77. A gaban mutum 2 na ƙirga masa, abokin aikina da mai shayin wurin, kuma ya rubuta mini 'yar takardar shaida ya sa hannu. Ya ce za a yi shafe a gyara ƙofar bayi, in zo in karɓi makulli ranar 25 ga wata.

Tun daga ranar makullin ban sake jin muryarsa ba. Da farko wayar tana shiga, ta yi ta ƙara har ta katse. Na tura saƙon murya ta WhatsApp, alama ta nuna ya saurara, bai ce uffan ba. Da na ari wayar wani na kira sai ya ɗauka, yana jin sallamata ya kashe. Yanzu lambata ma ba ta shiga. Na je gindin bedin, abokan zamansa suka ce ya yi tafiya Tanut, alhali yaran unguwa sun ce suna ganinsa a kan babur bayan magariba.

Na yi cigiya har na samu mai gidan, dattijo mai shago a Kasuwar Dole. Ya rantse mini ko dala ba ta shigo hannunsa ba, kuma gidan tuni ya ba wani tun farkon Oktoba. Na gaskata shi, ba ni da ƙorafi a kansa.

Ranka ya daɗe, kuɗin nan ba rarar aljihu ba ne. Tunkiyar uwargidana muka sayar, na ciko sauran da rance wurin ƙanena. Saboda alkawarin mutumin nan na saki gidan da nake haya a Magarya. Yau matata da yara 3 suna raɓe a ɗaki guda gidan kawuna a Birni, kayanmu jibge a zaure. Da ya fito ya ce mini gida ya kuɓuce, ko wata lalura ta ci kuɗin, wallahi da na yi masa uzuri mun tsara biya kaɗan kaɗan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ɓuyan da yake yi, ya bar magidanci yana bin lungu yana tambayar yara inda yake. La'ada ladan ciniki ce da ya faɗa, shi kuwa wannan ciniki bai faɗa ba, to da wane dalili zai riƙe ta?

Roƙona shi ne ka sa a kirawo shi ƙofar gidanka, mu zauna da shaiduna da mai gidan, ya dawo mini da jika 75. Jika 2 na nuna gida na bar masa, tunda ya kai ni na gani. In ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ya sa rana a gabanka a rubuce. Ina kuma so shugaban dillalan unguwa ya halarta, domin akwai baƙin ma'aikata irina da ke neman gida a wannan lokaci.

Na fara da ƙofarka ne saboda girmanka. Idan har ƙarshen watan nan ya ƙi amsa kiranka, ina neman izininka in kai takardar shaidar da saƙonnin wayar kwamisariya. Ana samuna gidan kawuna a Birni kullum bayan la'asar.

Allah ya ja zamaninka.

Ɗanka,
Malam Isuhu