Takardar Bitar Rahoton Gwajin Daidaito Mai Lamba GD-25-0417

Daga: Zainab, mai bitar rahotanni, ɗakin awo
Zuwa: Malam Auwal, wanda ya yi gwajin
Kwafi: Shugaban sashen tabbatar da inganci
Rana: Talata, 18 ga Maris, 2025
Kayan da aka gwada: maikiromita na awon kauri, 75 zuwa 100 mm, lambar kaya MK-112, na sashen sassaƙar ƙarfe
Ranar gwaji: 14 ga Maris, 2025
Hukunci: an mayar, ba a sa hannu ba

Malam Auwal, barka da aiki. Na karanta rahoton, na kuma ɗora shi a kan sashe na 7.8 na ISO/IEC 17025:2017 da tsarin aikinmu na cikin gida. Lambar rahoto, bayanin kayan, ranar karɓa, ranar gwaji, hanyar da aka bi da lambobin shafi duk suna nan, ba ni da magana a kansu. Abubuwa huɗu ne babu, kuma ɗaya daga cikinsu ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, don haka da shi zan fara.

Sakamakon kafin gyara

Gurbin `As Found` fayau yake. Teburi ɗaya ne a rahoton, yana nuna 75.000 a kan 75.000, da 87.901 a kan 87.900, da 100.003 a kan 100.000. Da a ce ba a taɓa kayan ba, sai in ce teburin nan ya isa, a rubuta kawai cewa ba a yi gyara ba. To amma a katin aiki, da rubutunka, akwai "an tsabtace, an mayar da sifili". Takardar da ta rako kayan daga sashen sassaƙa kuma ta ce sun gwada shi da sandar saiti sun ga ya haura da 0.005 mm, shi ya sa ma suka turo shi. Ke nan teburin na bayan gyara ne. Sashe na 7.8.4.1 (d) ya nemi a nuna sakamako kafin gyara da bayansa idan akwai su, tsarinmu kuwa bai bar zaɓi ba: a auna tukuna, kafin a sa mabuɗin gyara a jikin kayan.

Dalilin da ya sa na nace shi ne, tun gwajin Satumba 2024 ake karɓar sanduna da wannan maikiromita, wata shida ke nan. Iyakar kuskuren da muka yarda masa ±0.004 mm ce. In har ya wuce ta, dole sashen inganci ya waiwayi kayan da aka sallama a wannan tsakanin, kamar yadda sashe na 7.1.5.2 na ISO 9001:2015 ya tanada. Teburinka yana gaya mana lafiyar kayan yau, bai ce komai ba a kan yadda ya yi aiki a watannin da suka wuce. Kuma da waɗannan alƙaluman ne ake gane ko wata shida ya yi masa yawa tsakanin gwaji da gwaji.

Idan ka rubuta su a littafinka, ka kawo littafin mu shigar. Idan ba ka ɗauka ba, ka rubuta haka ƙarara: "ba a ɗauki awo kafin gyara ba". Kada a cike gurbin da ƙiyasi, kada kuma a kwafo na Satumba. Za mu buɗe takardar saɓa ƙa'ida, sashen inganci ya yi aiki da 0.005 mm ɗin da masu sassaƙa suka gani.

Yanayin ɗaki

Ba a rubuta zafi ba, ba a rubuta laima ba. Awon tsawo a kan 20 °C ake ƙaddara shi, bisa ISO 1. Ƙarfe yana miƙewa da kusan 11.5 µm a kowace mita a kowane digiri ɗaya, wato a tsawon 100 mm digiri ɗaya ya haura 0.001 mm kaɗan, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na iyakarmu. Na san abin da za ka ce: kayan ƙarfe ne, tubalin awon da aka gwada shi da shi ma ƙarfe ne, tare suke miƙewa. Gaskiya ne, matuƙar zafinsu ɗaya. Amma kayan da aka ɗauko daga gefen inji, ko tubalin da ya daɗe a tafin hannu, ba zafinsu ɗaya ba. Saboda haka ina buƙatar zafin ɗaki a farkon gwaji da ƙarshensa, laima, lambar ma'aunin zafin da ka karanta, da tsawon lokacin da kayan suka zauna tare a kan teburi kafin ka fara. Na'urar da ke jikin bango tana ajiye bayanan ranar 14, a ciro daga can.

Kayan da aka gwada da su

An rubuta "tubalan awo" kawai. Saiti biyu muke da su. TA-01 na ƙarfe ne, kuma takardar shaidarsa ta ƙare ranar 28 ga Fabrairu, ba a kai shi sabuntawa ba har yau (wannan ba laifinka ba ne, na riga na tuna wa masu sayayya). TA-02 na tangaran ne, takardarsa tana aiki, sai dai miƙewarsa ba ta kai ta ƙarfe ba, don haka in da shi ka yi, maganar zafin ɗaki ta ƙara nauyi. In kuwa da TA-01 ka yi, gwajin bai tsaya ba, sai an sake. A rubuta lambar saitin, ajinsa bisa ISO 3650, lambar takardar shaidarsa da ranar ƙarewarta, sannan jimlar da ke nuna salsalar awon zuwa ma'aunin SI, wadda 7.8.4.1 (c) ya nema.

Rashin tabbas na awo

Babu shi ko a layi ɗaya, amma an buga `PASS` a ƙasan shafi na biyu. Dubi layin ƙarshe: kuskure 0.003 mm, iyaka 0.004 mm. A gwajin Satumba rashin tabbas ɗin da aka bayar 0.002 mm ne. In wannan karon ma haka ya fito, 0.003 da 0.002 sun ba da 0.005, an tsallake iyaka. Ƙa'idar yanke hukuncin da muka amince da ita da sashen sassaƙa ta ce sai kuskure haɗe da rashin tabbas sun tsaya cikin iyaka kafin a ce kaya ya ci. Ka lissafo shi a mm, ka rubuta `k = 2` da cewa ya yi daidai da kusan kashi 95 cikin 100, ka haɗo takardar lissafin in ga abin da ya shiga: takardar tubalan, maimaita awo, ƙaramin abin da kayan ke iya nunawa, da zafi. Ƙa'idar hukuncin ita ma a ambace ta a jikin rahoton, kamar yadda 7.8.6 ya ce.

Tunda rahoton bai fita ba, lambarsa tana nan yadda take, ba sai an yi takardar gyara ba. Na cire koren tambari daga MK-112, na maƙala masa jan kati, yana cikin kabad ɗin kayan da aka tsare. Ina jiran gyararren rahoto tare da littafin awonka zuwa ranar Alhamis, 20 ga Maris. Amsar wane saiti ka ɗauka kuwa, don Allah ka ba ni ita yau, domin in TA-01 ne sai na binciki sauran rahotannin da aka yi tun 1 ga Maris.

Na gode.

Zainab
Mai bitar rahotanni, ɗakin awo