Yarjejeniyar hayar shago lamba 7, Zoo Road, Kano

Bismillahir rahmanir rahim. Yau Litinin 15 ga Disamba 2025, ni Alhaji Garba mai filaza na ba Malam Nasiru mai kayan waya hayar shago lamba 7, na ƙasa wanda yake kallon titi, tsawon shekara 3, daga 1 ga Janairu 2026 zuwa 31 ga Disamba 2028. Ni na rubuta da Hausarmu yadda kowa zai gane, lauya zai duba a kai a biya kuɗin hatimin gwamnati, kowa ya riƙe kofi ɗaya.

1. Kuɗin haya da ƙari

Haya naira 1,800,000 ce a shekara, ana biya gaba ɗaya ranar 1 ga Janairu, ta taransifa zuwa asusun da yake jikin rasit ɗinka. Kada ka ba maigadi ko yarona ko dillali kuɗi a hannu, in ka bayar toh kai da shi, ni alat na sani. Ta 2026 ka biya na gani, da kuɗin ajiya 150,000 wanda zan dawo maka da shi ranar da ka bar shagon, bayan an cire na ɓarna in akwai.

Babu ƙarin ko sisi a 2026 da 2027, ko buhun siminti ya kai nawa. Ta 2028 ce kawai za a duba, kuma sai na sanar da kai a rubuce kafin 30 ga Satumba 2027, in ranar ta wuce ban ce komai ba shikenan tsohon farashi ya zauna, ba zan zo a Disamba in ce maka Malam Nasiru ka san yanayin gari ba. Ƙarin kuma ba zai wuce kashi 20 cikin 100 ba, wato ƙarshenta 2,160,000. Na saka wannan iyaka ne saboda mun ga yadda aka yi bayan cire tallafin mai a 2023, mutum yana zaune a wayi gari an ninka masa haya ya rasa inda zai kai kayansa, ni kuma ba zan ɗaure kaina da farashi ɗaya shekara 3 alhali naira tana zamewa ba. In ka ga ƙarin ya yi yawa kana da kwana 21 ka faɗa, sai ka kawo dillali ɗaya in kawo ɗaya, su tambayo hayar shaguna 3 masu girman wannan a kan layin, a ɗauki matsakaici, amma duk da haka ba a tsallake kashi 20 ɗin. Gyaran da ka yi da kuɗinka kamar tayil ko kanta ba za a lissafa shi a ƙara maka haya a kansa ba.

2. Gyara

Nawa: kwano da yoyo, tsagewar bango, dakin na kankare, babban wayarin har zuwa mita, shadda da magudanar ruwa. Naka: fenti na ciki, kwan fitila, soket, fanka, gilashi, makulli da sakatar ƙofa, da duk abin da kai ko yaranka ko kwastoma suka fasa.

In yoyo ya fara ka gaya min nan take da hoto, kada ka bari sai ruwan Agusta ya jiƙa maka kwalaye sannan ka zo da lissafin asara, wannan ba zan biya ba. In ka sanar da ni kwana 14 suka wuce ban turo mai gyara ba, ka nemo farashi daga masu aiki 2 ka turo min, ka ba mai sauƙin, ka ajiye rasit a cire a hayar shekara mai zuwa. Banda ta wannan hanyar ba a cire komai daga haya.

Ba a fasa bango ko huda sabuwar ƙofa ko ƙara rumfa zuwa bakin titi sai da izinina a rubuce, don in hukumar tsara birni KNUPDA suka zo da jan fenti ni za su nema. Sola za ka iya ɗorawa amma mai aikina zai tsaya a wurin saboda kwano. Mitarka daban ce, kai za ka sa kati, kuma duk wanda ya yi satar wuta KEDCO suka kama shi zai biya tarar shi kaɗai. Harajin kasuwancinka da na allon talla da kuɗin shara naka ne, harajin ginin nawa. Ba a ajiye fetur a ciki fiye da na tankin janareta. In gobara ko wani abu wanda ba laifinka ba ya hana buɗe shago, Allah ya kiyaye, haya ta tsaya har a gyara, kwanakin kuma a mayar maka.

3. Haya kan haya

A nan ba na wasa. Kai na ba, ba wani ba. Ba ka da ikon ba wani hayar shagon duka ko rabi ko lungu, ko ka sayar da zamanka ka karɓi kuɗi a ce wai ɗan'uwa ne yake riƙe maka. Teburin mai POS ko mai gyaran waya a baranda shi ma haya ce in dai yana ba ka wani abu duk sati. In kana so ka kawo mutumin in gan shi, in na yarda zan rubuta, zan ba da amsa cikin kwana 14 kuma ba zan hana haka kawai babu dalili ba. Ko na yarda kai ne dai da alhakin haya da ɓarnarsa. Yaran shago da kake biya albashi babu ruwansu da wannan. In Allah ya yi maka rasuwa magada su ci gaba har wa'adi ya cika a kan waɗannan sharuɗɗa.

4. Jinkirin biya da karɓe shago

Daga 1 ga Janairu kana da uzuri har 31 ga watan. Babu tara babu ƙarin kuɗi saboda jinkiri, riba ce ba na ci, amma kada a ɗauki wannan a matsayin sakaci. In Janairu ta ƙare ba ka biya ba zan aiko maka takarda ta kwana 14, a ba ka hannu ko a liƙa a ƙofa gaban shaida. In ka cika kuɗin a cikinsu magana ta mutu. In ba ka cika ba toh haƙƙinka na zama ya faɗi ko da saura shekara a wa'adi, lauya zai ba ka notis ɗin da doka ta ce har da na kwana 7, in ba ka fita ba kotu ta raba mu. Ba zan sa maka kwaɗo a ƙofa ba, ba zan cire kwano ko in yanke wuta ko in turo matasa su fitar da kaya ba, amma kuɗin duk kwanakin da ka ƙara a ciki yana kanka. In na karɓi rabin kuɗi ba yana nufin na yafe sauran ba, kuma in na ɗaga maka ƙafa wannan shekarar ba dole in ɗaga ta baɗi ba. Haya kan haya babu izini ita ma wannan hanyar za a bi, takardar kwana 14 ka fitar da mutumin, in ka ƙi shago ya dawo.

Mai son sabuntawa bayan 2028 ya yi magana kafin ƙarshen Yuni na shekarar. An karanta wa kowa ya ji ya yarda.

Mai shago, Alhaji Garba, ya sa hannu.
Ɗan haya, Malam Nasiru, ya sa hannu.
Shaidu, Malam Isa dillali da Alhaji Bala na shago lamba 3, sun sa hannu.