Yadda Alƙalin Ingila Ke Bin Sawun Hukuncin Baya: Takardar Darasi ga Ɗaliban Shari'a na Shekarar Farko

A darasin ranar Litinin wata ɗaliba ta tambaye ni me ya sa muke ɓata lokaci kan tsarin shari'ar Ingila alhali mu a Nijar na Faransa muka gada. Amsar tana kan hanyar Ɗan Isa. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar 'yan awoyi ce, kuma da zarar Alhajin da kike wa aikin lauya ya ƙetare Jibiya da kayansa, ya shiga ƙasar da kotunanta ke aiki da wannan tsari. To, ga bayanin a rubuce.

A wajenmu alƙali littafin doka yake fara buɗewa. Kundin dokar farar hula na Faransa na 1804, a aya ta 5, ya ma hana alƙali ya yanke hukunci da sigar kafa doka ga kowa da kowa. Hukuncin babbar kotu yana da nauyi, ana karanta shi, amma ba shi ne doka ba. A Ingila abin ya taso ta wata hanya. Tun zamanin Sarki Henry na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1154 zuwa 1189, alƙalan sarki ke zagaya ƙasa suna shari'a, a hankali hukunce-hukuncensu suka zama doka guda ga ƙasar duka. Daga baya aka tsayar da ƙa'ida: abin da kotun sama ta yanke ya zama wajibi a kan kotun ƙasa, idan shari'a irinsa ta zo gabanta. A Najeriya haka yake: Kotun Ƙoli ta ɗaure Kotun Ɗaukaka Ƙara, ita kuma ta ɗaure manyan kotunan jihohi, har ƙasa. Alƙalin Katsina ko bai ji daɗin hukuncin Abuja ba, dole ya bi. Hukuncin kotun wata ƙasa kuwa, ko na wadda ke ƙasa da shi, shawara ce: in ta gamsar da shi ya ɗauka, in ba ta gamsar ba ya ajiye.

Wannan ba shi da wuya. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne tambayar: wane ɓangare na hukuncin ne ya zama wajibi? Hukunci ɗaya na iya kai shafi hamsin, ba dukansa ne doka ba.

Mu ɗauki shari'ar Donoghue da Stevenson. A 1928, a garin Paisley na Sukotilan, an saya wa Malama May Donoghue kwalbar lemun citta a wani shagon shayi. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta. Ta sha rabi, da aka tsiyaye sauran, in ji ta, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi. Ta yi rashin lafiya. Matsalarta ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da mai shago, balle da David Stevenson mai masana'antar. A 1932 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta yanke da rinjayen alƙalai uku a kan biyu cewa tana da damar ƙarar mai masana'antar. Ba a ma taɓa tabbatar da cewa dodon koɗin na ciki ba, domin Stevenson ya rasu, aka sasanta da magadansa.

Yanzu mene ne dokar da aka kafa? Idan ka ce dokar ita ce kada a sa dodon koɗi a lemun citta, ka haddace labari ka bar darasi. Ginshiƙin hukuncin, wanda lauyoyi ke kira da Latinanci rashiyo desidendi, shi ne: wanda ya ƙera kaya don su kai ga mai amfani da su yadda suka fito daga hannunsa, ba tare da damar wani ya duba su a hanya ba, wajibi ne ya kula kada su cutar da shi. Ku da kuka yi makarantar zaure kun riga kun san wannan tunani. A ƙiyasi ana neman illar hukunci: an haramta giya saboda maye, don haka duk abin da ke sa maye ya shiga, ko ba sunansa giya ba. Bambancin dai shi ne a can asalin nassi ne, a nan kuwa maganar wani alƙali ce, ɗan Adam mai kuskure.

Bayan shekara uku, a 1935, aka gwada. Wani likita a Ostareliya, Dokta Grant, ya sayi kayan ciki na ulu da masana'anta ta bar sinadari a jikinsu, fatarsa ta lalace. Babu kwalba, babu abin sha, amma illar na nan: lahani ɓoyayye, kaya sun iso yadda aka yi su. Alƙalai suka bi hukuncin Donoghue, ya ci shari'a.

Sauran abin da alƙali ya faɗa a kan hanya, kamar "da a ce abin ya faru kaza, da na yanke kaza", maganar gefe ce, wadda ake kira obita. Ba ta ɗaure kowa, ko da yake ta babban alƙali ba a raina ta. Kuma kada ku zaci alƙalin zai ja layi ya ce ga ginshiƙi, ga gefe. Waɗanda suka zo bayansa ne ke tantancewa, kuma a nan lauyoyi ke cin abincinsu.

Alƙalin da hukuncin baya ya ɗaure yana da ƙofar fita guda ta halal, wato ya nuna cewa shari'ar gabansa ta bambanta a wani abu mai muhimmanci. A shari'ar Balfour ta 1919, miji ya yi wa matarsa alkawarin fam 30 kowane wata, ya daina, kotu ta ce alkawarin cikin gida ne, ba a yi shi da niyyar zuwa kotu ba. A 1970, a shari'ar Merritt, mata ta ci nasara, domin lokacin da aka yi alkawarin sun riga sun rabu, kuma mijin ya rubuta ya sa hannu. A ganina wannan ƙofa ita ce lafiyar tsarin, ita ce kuma raunin sa, don alƙali mai wayo ba ya rasa bambancin da zai fake da shi.

Rushe tsohon hukunci gaba ɗaya sai kotun sama. Majalisar Dattawan kanta ta ɗaure kanta da hukuncinta tun 1898, sai a 1966 ta sanar cewa za ta iya sauya ra'ayi idan ta ga dacewar hakan, kuma da wuya ta yi hakan, saboda mutane sun gina cinikinsu da wasiyyoyinsu a kan abin da aka yanke jiya.

Aikin gida, a kawo ranar Alhamis a shafi ɗaya. Wata mata ta sayi man gyaɗa a jarka rufaffiya a kasuwar Katsina, ta ba maƙwabciyarta kyauta, maƙwabciyar ta yi girki ta kamu da ciwon ciki saboda ƙazantar da ta shiga tun a masana'anta. Ku tsaya wa maƙwabciyar a matsayin lauya. Sannan ku koma ɓangaren mai masana'anta, a ce mai shago ya buɗe jarkar ya ɗura man a kwalabe kafin ya sayar, ku nuna mini inda hukuncin Donoghue ya daina aiki.