Jawabin Bankwana a Madadin Ɗaliban Aji Shida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban makaranta, malamanmu, iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo, da ƙannenmu ɗalibai, ina gaishe ku a madadin 'yan ajinmu, mu 47.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina aji uku na ci maki 18 cikin 100 a lissafi. Na ninke takardar na cusa cikin safa don kada abokin zamana ya gani. Da aka tashi, malamin lissafi ya ce in tsaya. Na ɗauka faɗa zan sha. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce, "Nuna mini inda ka fara ɓacewa." Muka yi ta komawa baya, shafi bayan shafi, har muka isa darasin da ya shige mini duhu tun a aji ɗaya. Shekara biyu ina gyaɗa kai a aji alhali ban gane ba, kunya ta hana ni ɗaga hannu. Mako uku ya yi yana tsayawa da ni bayan kowa ya watse, ga iyalinsa suna jiransa a gida. Malam, ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba. Allah ya saka maka da alheri.

Kowane ɗayanmu yana da irin wannan labari da wani malami a nan. Malamarmu ta Turanci, jan biron nan naki da muke tsoro, yau mun san darajarsa. Baba mai gadi da masu share mana harabar makaranta, ba mu manta da ku ba.

Ƙannena, abu ɗaya nake roƙonku: in ba ku gane ba, ku tambaya a ranar, kada ku bari ya kwana. Wanda zai yi muku dariya, sau da yawa shi ma bai gane ba. Kuma ku adana littattafanku na aji huɗu, domin mun ci karo da su a jarrabawar ƙarshe.

Ku 'yan aji biyar, girma ya hau kanku. Za a kawo muku yara masu kuka a makon farko, rigunansu sun yi musu yawa. Ku ja su a jiki.

Malamanmu, mun ɓata muku rai ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ku yafe mana, ku sa mana albarka. Ƙannenmu da muka tsawata wa fiye da kima, ku ma ku yafe.

Malam, takardar nan mai maki 18 tana wurina har yau. Na zo da ita, zan nuna maka in an tashi.

Na gode. Wassalamu alaikum.