Layin da Ya Zame

Takardar farashin shagon Alhaji Sani a Kantin Kwari bayan tsohuwar kalanda ce. Shuɗin biro, jan biro, fensir, duk sun bi ta kanta. Kaya in sun tashi a soke a rubuta a sama, in sun kuma tashi a maƙala a gefe, ga tabon shayi ya cinye rabin layin leshi. Shi Alhaji bai damu da ita ba, komai yana kansa. Yaran shago ne ke dogara da ita in ya tafi Legas sari.

Ranar wata Laraba kasuwa ta yi sanyi bayan azahar, sai Habu, sabon yaron shagon, ya sayo littafi ya ja layuka da bakin kwali: sunan kaya, yadi nawa, kuɗin sari, kuɗin sayarwa. Shadda shafinta daban, atamfa nata daban. Kuɗin sarin kuwa daga rasit ɗin da ke soke a ƙusa ya riƙa kwafowa.

A kan atamfa biro ya tsaya. Babbar, wadda aka saro turmi naira 13,000, takarda ta ce a sayar 11,000. Sabuwar da aka saro 10,000 kuma an sa mata 14,000. Ya kai kalandar bakin ƙofa wurin haske, ya ƙura ido. Ashe da sabuwar ta zo, cusa sunanta aka yi a saman babbar, kuɗinta kuma da aka rasa wuri aka rubuta a ƙasa. Kowace ta ɗauki farashin 'yar'uwarta.

Gabansa ya faɗi, don rubutun na Alhaji ne. Bai ce uffan ba sai da aka idar da la'asar, sauran yaran suka fita ɗauko kaya daga sito. Sannan ya durƙusa.

"Alhaji, don Allah a duba mini nan, ko ni ne ban gane ba."

Alhaji ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa sau biyu.

"Innalillahi. Tun yaushe kuke sayarwa haka?"

"Tun tafiyarka Legas, Alhaji. Na duba littafin ciniki. Babbar turmi 8 ta fita. Sabuwar kuma Hajiyar Maraɗi ta ɗauki 20."

Alhaji ya yi shiru yana lissafi da leɓe.

"Takwas ɗin nan tawa ce, Allah ya mayar da alheri. Amma dubu sittin ɗin baiwar Allah nan ba za ta kwana a aljihuna ba." Ya cire kalandar daga bango ya naɗe. "Gobe ka kai littafinka a buga mana a kwamfuta. Yanzu miƙo min wayata, ka nemo lambar Hajiya."