Sanarwar Hutun Babbar Sallah Zuwa Ga Kwastomomin Kemis Ɗinmu

Tudun Wada, Zariya
Asabar, 31 ga Mayu 2025 (4 ga Zulhijja 1446)

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu sayen magani a wajenmu, barkanmu da shigowar waɗannan kwanaki goma masu albarka, Allah Ya karɓi ibadunmu, alhazanmu kuma Allah Ya dawo mana da su lafiya.

Kamar yadda kowa ya ji sanarwar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Sallah ta kama Juma'a 6 ga Yuni. Shi ya sa muka ce bari mu rubuto tun yanzu da sauran kwanaki, kada wani ya taso daga nesa da ciwo a jikinsa ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ga yadda za mu yi.

Daga yau har Laraba muna nan kamar kullum, 8 na safe zuwa 10 na dare. Alhamis 5 ga wata, ranar Arfa, za mu buɗe tun 7 na safe amma za mu tashi 6 na yamma saboda ma'aikata su je su sha ruwa a gida. Juma'a ranar Sallah da Asabar washegari shago a rufe yake gaba ɗaya. Lahadi 8 da Litinin 9 za mu ɗan buɗe daga 4 na yamma zuwa 8 na dare, mutum biyu ne kawai a kanta, sai a yi mana haƙurin layi. Talata 10 ga wata in sha Allahu komai ya koma daidai.

Mun san kwana biyu ba kemis ba ƙaramin abu ba ne ga mai lalura, wallahi mun sani, kuma sai da muka daɗe muna shawara kafin mu yanke. Amma yaran nan da kuke gani a tsaye tun safe har dare su ma 'ya'yan wasu ne, akwai wanda iyayensa ke Soba, akwai na Giwa, akwai wacce sai ta kai Funtuwa, kuma duk azumin bana da ƙaramar Sallah suna nan tare da ku. Ya kamata su ma su ci naman layya a gaban iyayensu. Dan Allah ku yi mana uzuri.

To abin da muke roƙo guda ɗaya ne: yau ɗin nan in an koma gida a ɗauko ledar magani ko gwangwanin da ake ajiya, a zazzage a ƙirga. Duk maganin da ake sha kullum, in ƙwayoyin da suka rage ba za su kai Talata 10 ga wata ba har da ƙarin kwana uku ko huɗu a kai, a zo a sabunta kafin Alhamis. Kuma a ƙirga da hannu fa, kada a girgiza kwali a ji ƙara a ce ai da saura, sau da yawa falle ɗaya ne a ciki shi ma rabinsa an ɓalle. Wanda mahaifiyarsa ko mahaifinsa ke zaune a wani gida ya taimaka ya leƙa ya ƙirga musu, tsofaffinmu ba sa son ɗora wa 'ya'ya nauyi a lokacin da suka ga ana fama da kuɗin rago, sai Hajiya ta yi shiru tana raba ƙwaya biyu don ta kai ta bayan Sallah.

Masu hawan jini ku muka fi tunani. Amlodifin, lisinofiril da 'yan uwansu ba magani ba ne da ake ajiyewa don an ji garau, hawan jini yakan hau can sama mutum bai ji ko ciwon kai ba, ga shi kuma makon soyayye ne, gishiri, magi, yaji, kitse, romon kai da ƙafa. Ba mu ce kada a ci ba, Sallah ce, a ci daidai wa daida amma ƙwayar nan kada a tsallake ko kwana ɗaya. Duk wanda ya zo sabunta magani daga nan zuwa Alhamis za mu auna masa jini kyauta mu rubuta masa a kati.

Masu ciwon suga kuma ga azumin Arfa a gaba. In kana shan gilibenkilamaid ko kana allurar insulin, yini ba ci zai iya sa suga ya faɗi ƙasa sosai, ka ji rawar jiki, gumi, jiri, ido na ganin duhu, wannan ba abin daurewa ba ne, a sha wani abu mai zaƙi nan take. Kafin ka ɗauki azumin ka tuntuɓi likitanka ko ka zo mu zauna mu duba, kada ka sauya lokacin magani da kanka. A duba sauran tsinken awon suga da sirinji. Ita insulin wadda ba a buɗe ba firij take so, sanyin digiri 2 zuwa 8, ban da wajen ƙanƙara, in ta daskare ta lalace ko da ta narke daga baya. Wadda aka fara amfani da ita yawanci takan yi kwana 28 in dai wajen bai wuce zafin digiri 30 ba. Da yanayin wutarmu, wanda ba shi da firij ya sa kwalbar a roba mai murfi ya ɗaure sosai ya ajiye a gindin randa. In tafiya za a yi kada a jefa ta a but ko gaban mota inda rana ke duka, ku zo da 'yar kula mu sa muku ƙanƙara a naɗe da tsumma. Kuma insulin da sauran magungunan da sai mun yi oda, a faɗa mana zuwa Talata 3 ga wata, su ma dilolin da muke sarowa wajensu hutu za su tafi.

Mai farfaɗiya ko mai shan maganin ƙwaƙwalwa, yanke magani rana tsaka shi ke tayar da ciwon, ku zo da takardar likita da wuri. Masu asma, hayaƙin babbaka da na suya da ƙurar dawakai ranakun hawa ba su da daɗi, a tabbata inhela tana aljihu kuma da abu a cikinta, gara a sami ta biyu a gida. Masu juna biyu kada a bari maganin ƙarin jini ya yanke. Waɗanda ke karɓar magani a asibiti duk wata su duba ranar komawarsu, in ta faɗo cikin hutu a je kafin lokacin.

Sai ɗan abin da ya kamata kowane gida ya ajiye. Duk shekara bayan Sallah layin da muke gani na gudawa ne da ɓacin ciki, musamman yara da suka yini suna yawon Sallah suna cin nama gida gida. A sayi O.R.S da zinki a ajiye, ba tsada. Babban ƙunshin ana zuba shi a lita 1 na ruwa mai tsafta, a duba jikin takardar don akwai na rabin lita, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Zinki kuma kwana 10 zuwa 14 ake ba yaro ko da gudawar ta tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba. A haɗa da farasitamol na manya da na yara, filasta, bandeji, auduga da ruwan wanke ciwo, don ranar yanka da fiɗa wuƙa ba ta san hannun mai ita ba. In yankan ya yi zurfi a danne da tsumma mai tsafta a wuce asibiti a yi ɗinki, a tambayi allurar tetanos. In mai ya fallatsa wa uwargida wajen suya, a sa wajen a ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, dan Allah. Masu olsa ku nisanci ibufurofen da dikilofenak ko da jiki ya yi tsami bayan aikin nama.

Damina ta kama, sauro ya dawo. Yaro in ya yi zazzaɓi a gwada maleriya tukuna, muna yin gwajin a nan cikin 'yan mintuna, in ta tabbata a sha maganin kwana ukun har ya ƙare. A sa gidan sauro a jaka in za a kwana a ƙauye.

Da muka ce a tanadi magani ba muna nufin a jibge komai ba. Kada ka sayi abin da ba ka buƙata, kuɗin ya fi amfani a cefane. Antibayotik, taramol da maganin barci kuwa ba takardar likita ba za mu bayar ba, Sallah ko ba Sallah, kuma kada wanda muka hana ya ji haushi, lafiyarka muke tsarewa. In kuma dole ta sa ka sayi magani a wani waje ranakun da muke rufe, ka nemi kemis mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wajen kankarewa ka kankare ka tura lambar. Ban da na masu talla a tasha da rana ta gama gasawa.

Maganar kuɗi, mun san aljihu ya sha wuya, rago da ɗinki sun kwashe komai. Wanda na wata guda ya yi masa yawa ya zo mu yanka masa na kwana 10 ko na sati biyu, babu kunya a ciki. Tsofaffin kwastomomi masu littafi a wajenmu ku same ni a gefe mu yi magana, ban yarda wani ya kwana ba maganin hawan jini saboda dubu biyu ba. Muna karɓar tiransifa da kati, amma jajibere netiwok yakan yi gardama, a riƙo 'yan tsabar kuɗi. Kuma in da hali a zo Litinin, Talata ko Laraba da hantsi, yammacin Alhamis shagon ba masaka tsinke.

Lambar wayar da ke jikin ledarmu da ƙofar shago tana hannuna duk hutun nan, a turo saƙo ko hoton kwali in ana da tambaya, zan amsa gwargwadon iko. Amma ciwon ƙirji, numfashi sama sama, karkacewar baki, mutuwar ɓarin jiki, jijjiga, jinin da ya ƙi tsayawa, ko yaron da ya kasa shan komai, kada a tsaya nemana a waya, a wuce sashen gaggawa na Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika, su ba sa rufewa.

Wanda ya karanta ya taimaka ya faɗa wa maƙwabcin da ba ya karatu. Mun gode da amanar da kuka ba mu, wanda muka ɓata wa a kanta cikin shekarar nan ya yafe mana. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya kai matafiya lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Barka da Sallah tun yanzu.

Naku,
Famasis mai kula da shago, a madadin dukkan ma'aikata